Idan firinta ta yanke ginshiƙan tebur a Excel

Tambayar da aka tattauna ita ce ta takardar sakamakon ɗalibai mai ginshiƙi 14, wadda biyun ƙarshe ke faɗawa shafi na dabam. Yawancin masu amsa sun ce a fara duba girman takarda, domin fayil kan zo a Letter alhali A4 ce a firinta. Daga nan a kwantar da shafin zuwa Landscape.

Inda aka fi daɗewa shi ne rage girma. Wani ya kawo Fit Sheet on One Page, aka nuna masa cewa tebur mai layi 200 zai ƙanƙance har ya gagari karatu. Ni dai ina bayan Fit All Columns on One Page: faɗi ya tsaya shafi ɗaya, tsawo kuwa ya tafi yadda ya so. Sai a saka layin kanu a Print Titles domin ya fito a kowane shafi.

Idan ginshiƙan sun ɓace gaba ɗaya, to wataƙila akwai tsohon Print Area, wato yankin da aka keɓe don bugawa, da bai haɗa da su ba. A danna Clear Print Area, a sake dubawa kafin a ɓata takarda.