Na faɗaɗa hoton baranda, ginshiƙai sun ƙaru, tayil ya lanƙwashe: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Mai_Zane:
Assalamu alaikum. Ina da hoton wata mata tsaye a tsakiyar doguwar baranda, ginshiƙai jere a hagunta, ƙasa tayil. Da waya aka ɗauka a tsaye, 1080×1350. Ana so ya koma hoto mai faɗi, 2400×1350, wato in ƙara fiksel 660 a kowane gefe. Na buɗe fili, na rubuta wa SDXL, AI mai zana hoto, bayanin hoton duka: mace tsaye a baranda, ginshiƙai, hasken yamma. Abin da ya fito ya ɓata min rai. A dama wata mace ta biyu ta bayyana da kaya irin na ta farko, fuskarta a dagule. A hagu ya jera sababbin ginshiƙai huɗu, tsawonsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Layukan tayil kuwa suna fita daga ainihin hoton sai su karkace. Na sake har sau tara, kusan abu ɗaya. Duk wanda ya taɓa fama da irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya masa.

Fiksel_Ɗaya:
Wa alaikumus salam. Ni ina ga girman hoton ne ya yi kaɗan. Ka fara ɗaga shi ninki huɗu da ESRGAN, komai zai fito tas. Haka nake yi wa tsofaffin hotuna kuma ban taɓa samun matsala ba.

Malama_Haske:
Ɗan'uwa Fiksel_Ɗaya, aikin da kake nufi daban ne. Kai ƙara wa hoto kaifi kake yi, shi kuwa wurin da kyamara ba ta taɓa gani ba yake son a ƙirƙiro. A nan ma girman ne ya cuce shi, ba ƙanƙanta ba.

Mai_Zane, macen ta biyu kai ka kira ta, ni ma na yi wannan kuskuren da hoton wani yaro a bakin ruwa, na samu yara uku. Bayanin da ka rubuta umarni ne a kan filin da za a cike, ba a kan hoton da ke hannunka ba. Ka ce mace tsaye, ka ba shi fili babu kowa, sai ya tsayar da mace. Rubuta abin da kake so a gefen kaɗai: bango, tayil, inuwa.

Na biyu, SDXL a kan hotunan da yawan fiksel ɗinsu bai wuce na 1024×1024 sosai ba aka horar da shi. 2400×1350 ya ninka wannan kusan sau uku. In aka ba shi filin da ya fi wanda ya saba gani, ba ya riƙe tsarin hoton gaba ɗaya, sai ya cike kowane yanki da abin da ke kusa da shi. Daga nan maimaici ke zuwa. Waɗanda suka yi aiki da Stable Diffusion 1.5, mai 512×512, sun san mutum mai kai biyu da ke fitowa in an tsawaita hoto, to cutar ɗaya ce. Ni nakan rage hoton in yi faɗaɗawar a 1344×768, in na gamsu sai in ɗaga girman, sannan in ɗora ainihin hoton a tsakiya.

Ɗan_Koyo:
Ni abin da ya yi min aiki shi ne tafiya sannu-sannu. A manhajar AUTOMATIC1111 nakan ɗauki `Outpainting mk2`, in sa `Pixels to expand` a 128, gefe ɗaya a kowane zagaye. Na faɗaɗa hoton daji da na sararin sama haka, ko ɗinkin ba a gani. Ina ganin in ka yi haka, matsalar ginshiƙan ma za ta tafi, tunda duk abin da zai zana yana kallon na kusa da shi.

Tsohon_Mai_Hoto:
Ɗan_Koyo, a daji da gajimare maganarka gaskiya ce, domin babu wanda ya san inda ganye ya kamata ya tsaya. A gini kuwa kallon na kusa shi ne matsalar. Zagaye na biyu a kan abin da na farko ya zana yake ɗorawa. In layin tayil ya kauce kaɗan a farko, na gaba zai ɗauki kaucewar a matsayin gaskiya ya ƙara tasa. Shi ya sa layin ba ya karyewa, lanƙwashewa yake yi a hankali.

Mai_Zane, zauna da ainihin hoton kafin ka sake danna komai. Buɗe sabuwar leya, ka ja layi a kan gindin ginshiƙai, wani a kan samansu, wasu biyu a kan layukan tayil. Duk za su haɗu a ɗigo ɗaya can ƙarshen barandar. Tsawaita su baya har gefen sabon filin. Duk abin da AI ya zana, in bai hau kan waɗannan layukan ba, kuskure ne, komai kyansa. Sannan ka auna min nisan ginshiƙan da ake gani daga wannan ɗigon, a kwance, da fiksel.

Mai_Zane:
Na ja layukan, Malam. Ɗigon yana kusan tsakiyar hoton. Ukun da suka fi fitowa sosai suna wajen 225, 300, da 450 daga gare shi. Hoton ya ƙare a 540.

Tsohon_Mai_Hoto:
Madalla. To duba. Abu in ya matso kusa da kyamara da rabin nisansa, girmansa a hoto yana ninkawa, nisansa daga ɗigon ma yana ninkawa. Raba 900 da lambobinka: 225 ya ba ka 4, 300 ya ba ka 3, 450 ya ba ka 2. Ke nan ginshiƙan suna taku huɗu, uku, biyu daga inda mai ɗauka ya tsaya, in muka ɗauki tazarar ginshiƙi zuwa ginshiƙi a matsayin taku ɗaya. Na gaba yana taku ɗaya, wato a 900. Sabon filinka ya ƙare a 1200. Saboda haka ginshiƙi ɗaya tal ya kamata ya shigo hagu, ba huɗu ba. Kaurinsa ya ninka na wanda ke 450, kuma da wuya ka ga gindinsa ko kansa, don sun fice daga hoton. Bayansa babu wani, na gaba yana daidai kafaɗar mai ɗauka.

AI bai yi wannan lissafin ba. Ya ga jere, ya ci gaba da jere. Ido kuma ko bai san lissafi ba yana jin cewa wani abu bai zauna ba.

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi tun ina aiki da kyamarar fim. Faɗaɗa hoto daidai yake da canza gilashin kyamara zuwa mai faɗin gani. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da 26mm ko kusa da haka. In an riƙe ta a tsaye, tana ganin kusan digiri 53 daga hagu zuwa dama. Ka ninka faɗin sau 2.2, ka kai wajen digiri 96, irin abin da gilashin 16mm ke gani. A irin wannan faɗin abubuwan gefe miƙewa suke yi, tayil ya yi faɗi, kan mutum ya ja gefe. In AI ya zana su da wannan miƙewar, za ka ce ya ɓata. In ya zana su daidai wa daida, sai su ƙi haɗuwa da tsakiya. Da da 85mm aka ɗauka, daga digiri 16 za ka tashi zuwa 35 kawai, shi ya sa irin waɗannan hotunan ke karɓar faɗaɗawa cikin sauƙi. Naka yana bakin iyaka.

Malama_Haske:
Malam, wannan bayanin na 900 ya warware min abin da ya dame ni a wani hoton gada. Allah Ya ƙara basira.

Ga yadda nake tilasta masa bin layi. Da hannu nake zana gefen, zane na gaggawa: in ɗauki launin bango in shafa, in tsayar da ƙaton ginshiƙi a wurinsa, in ja layukan tayil zuwa ɗigon. Sannan in sa `Masked content` a `original`, `Denoising strength` tsakanin 0.55 da 0.65. In na haura 0.8 sai ya manta da zanena ya koma jera nasa. In na sauka ƙasa da 0.4 zanena ke fitowa kamar yadda na yi shi. Masu manhajar ComfyUI ku kula: `VAE Encode (for Inpainting)` yana goge abin da ke cikin wurin da aka shafa, zanen zai tafi a banza. `VAE Encode` da `Set Latent Noise Mask` nake haɗawa.

Uwar_Launi:
Tawa matsalar ba ta layi ba ce, amma bari in faɗa tunda ana tarawa. Hoton mahaifiyata na faɗaɗa, zagaye shida. Ina kallon gefe ina murna, sai da na ajiye shi kusa da na asali na ga fuskarta ta canza. Ƙananan layukan gefen idonta sun shafe, launin fatar ya ɗan ja. Abin ya taɓa ni, don hoton kaɗai ne nake da shi nata mai kyau. Ashe duk zagaye hoton gaba ɗaya yana shiga VAE, wato sashen da ke matse hoto sannan ya sake buɗe shi, ya fito, kuma kowace shiga yana rasa wani abu, har wurin da ban taɓa ba. Yanzu bayan kowane zagaye `ImageCompositeMasked` nake sawa in mayar da ainihin fiksel ɗin wurinsu. Mai_Zane, ka duba fuskar matar da kyau kafin ka miƙa aikin.

Ɗan_Koyo:
Na karɓi gyaran, Malam. Amma har yanzu ban gamsu cewa a yi shi tashi ɗaya ya fi ba. Duk sanda na buɗe fili babba lokaci guda, ƙofofi da tagogin da ban nema ba suke cika shi. In na zana layukan tukuna, sannan na tafi 128-128, me zai hana?

Tsohon_Mai_Hoto:
Ban gwada haɗa su ba, ɗana. Tsorona shi ne ginshiƙin 900 ya fi faɗin yanki ɗaya a ido, sai kowane zagaye ya ga guntunsa ya ba shi haske daban. Gwada ka kawo mana.

Mai_Zane:
Na gode muku duka. Na rage zuwa 1344×768, na cire maganar mace daga bayanin, na zana ginshiƙi ɗaya da layukan tayil, 0.6. Hagu ya zauna, ginshiƙin ya fito ƙato kamar yadda Malam ya ce, tayil ya bi layi. Fuskar ma na mayar da ta asali. Dama ce ta rage. Bango ne da taga ɗaya da hoton ya yanke rabinta, kuma duk sanda ya ƙarasa ta, gefenta na ƙasa yana fitowa a kwance maimakon ya gangaro. Inuwar sabon ginshiƙin ma ba ta faɗi inda sauran suka faɗi ba. Yanzu ina tunanin ko in roƙi mai aikin mu tsaya a 2000×1350, ko in gwada ControlNet na `MLSD`, mai tilasta wa AI bin miƙaƙƙun layuka, a kan layukan da na ja. Akwai wanda ya taɓa amfani da shi a kan taga irin wannan?