Masu shirin bidiyo kan kuɗi, ya kuke tsara rubutun kashi takwas?

Ummu Hanifa: Salam jama'a. Ina shirin fara bidiyo kashi 8 kan yadda mai ƙaramin albashi zai tafi da kuɗinsa: kasafin wata, adashi, bashi, ajiyar ko-ta-kwana, cajin banki, damfara, zakka, sai na ƙarshe ya haɗe su. So nake kowane kashi ya zo da zubi ɗaya don mai kallo ya saba, amma ina tsoron kar ya gundure su. Wanda ya taɓa yi dan Allah ya faɗa mana yadda ta kaya masa.

Malam Bello Zariya: Wa'alaikumussalam Hajiya. Na yi irinsa. Minti 6 nake ba kowane kashi, a bakina hakan kalma wajen 800 ne, ke ma ki karanta shafi ɗaya da agogo ki ga naki saurin kafin ki yanka. Zubina gaba huɗu ne, tambaya ɗaya a daƙiƙa 20 na farko ba doguwar gaisuwa, sai halin da mutumin labarin yake ciki minti ɗaya, sai lissafi a allo minti uku, ragowar kuma inda mutane ke faɗawa rami da ɗan aikin da mai kallo zai yi a wannan satin. Amma abin da ya riƙe shirin ba zubin ba ne, mutum ɗaya ne da na ƙirƙira na bi shi tun daga kashi na 1 har na 8, malamin firamare mai albashin 120,000. Abinci 55,000, kuɗin mota 18,000, tarin haya 15,000, makarantar yara 12,000, wuta da data 8,000, kin ga saura 12,000. To idan a kashi na 2 ya shiga adashin mutum goma yana zuba 10,000 duk wata, 2,000 kacal ta rage masa har wata goma, kenan a kashi na 4 ba ki isa ki ce ya ajiye 20,000 na ko-ta-kwana ba, wlh masu kwament za su kama ki. Dole ki nuna me ya rage, ko ya jira kwasarsa ta 100,000. Takarda ɗaya nake da ita ta kuɗinsa, ita nake fara buɗewa kafin na rubuta kowane kashi.

Sadiq Editin: Ni ta ɓangaren editin nake magana. A ɗauki takwas ɗin duka a yini ɗaya ko biyu, haske ɗaya bango ɗaya, kawai ki canza mayafi, aiki ya yi sauƙi shikenan

Malam Bello Zariya: Sadiq haske kam gaskiyarka, amma farashi fa? Waɗanda suka ɗauki shiri kafin cire tallafin fetur a Mayun 2023 suka sake shi bayan nan, kuɗin motar da suka faɗa ya zama tatsuniya. Ni biyu biyu nake ɗauka, kuma ina sa wata da shekara a jikin allon.

Maman Walid: Ni dai adashin da nake ciki uwar adashin ta ce sai ƙarshe zan kwasa alhali ni na fara shiga, wai hakan daidai ne? ku da kuka san harkar kuɗi

Ummu Hanifa: Ayya Maman Walid kan rubutun shiri muke, amma tambayarki ita zan buɗe kashin adashi da ita in kin yarda.

Rabi'atu Maraɗi: Namu da sefa muka yi, kuma gaskiya ban yarda a matse komai cikin zubi ɗaya ba. Kashin zakka ya ƙi shiga. Lissafin kansa gajere ne, ɗaya bisa arba'in, amma nisabi da cikar shekara su ne aikin, kuma nisabin yana bin farashin zinare, don haka ba mu faɗi adadin da baki ba, a rubutun ƙasan bidiyo muka sa don a iya gyarawa. Sannan malami muka zaunar, kin san malami ba za ki ce masa minti uku ba. Mai albashin Malam Bello ma da 2,000 ɗinsa zakkar dukiya ba ta hau kansa ba, to wa za a yi wa lissafin?

Malam Bello Zariya: Yayansa ɗan kasuwa na shigo da shi a wannan kashin. Zubin bai canza ba.

Rabi'atu Maraɗi: Mu kam sai da ya canza, minti 11 ya ci, kuma da muka duba YouTube Studio mutane sun fi zama a kansa fiye da gajerun. Hajiya ki rubuta na zakkar da na damfara tun yanzu ki gwada su a zubin kafin ki ɗauki na farko.

Ummu Hanifa: Na gode ƙwarai. Malam, ɗan aikin satin nan, kana dawowa kansa a farkon kashi na gaba ne, ko hakan zai rikita wanda ya faɗo a kashi na 5 bai ga na baya ba?