Inna na shan ibuprofen kullum, yanzu ƙafa ta kumbura

Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nike nema. Innarmu shekara 68, ciwon gwiwa ya matsa mata, tun sanyi take shan ibuprofen 400 sau uku a wuni, da dare ta ƙara diklofenak na wajen ƴan tebur. Tana kuma shan maganin tansiyo, kaptopril da wani mai sa fitsari. Satin nan ƙafafunta sun kumbura, fitsari ya ragu, ƙanwata ta ce bayan gidanta ya yi baƙi. Maganin ne ko tsufa?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Inna lafiya. Da yunwa take sha ne halan, a riƙa ba ta kunu ko fura tukunna, maganin nan in ya tarar da ciki wayam shi ke cin hanji.

Infirmiye: Ƙanena ku tsaida ibuprofen da diklofenak ɗin yau yau, ku kai ta asibiti yanzu kar ku jira safiya, ko CSI na kusa ne su tura ku babban asibiti. Baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta da wari mai ƙarfi jini ne da ya zubo daga tumbi ya narke a hanya, sai fa in tana shan ƙwayar ƙarin jini, ita ma tana baƙanta shi amma ba danƙo. Maman Biyu abinci na rage zafin ciki gaskiya ne amma ba ya hana gyambo, don ba taɓa tumbi kawai ƙwayar ke yi ba, ta jini take aiki. Jiki na yin wani sinadari prostaglandin, shi ke sa gwiwa kumburi da zogi, maganin ya hana a yi shi sai ciwo ya lafa. To shi ɗin dai ne ke sa tumbi ya fidda majinar da ke kare bangonshi daga asid, in babu shi asid ya ci bango har ya kai ga jijiyar jini. Kuma tsofaffi da yawa ba su jin ciwon ciki ko kaɗan, sai dai jiri da kasala da fari a ido.

Ɗan Gulbi: Ni babana allurar diklofenak ake mishi in baya ya riƙe, ai allura ba ta bi ta ciki, ku koma ma allura kawai.

Infirmiye: A'a yaya, allura ma jini take shiga, ɓarnar ɗaya ce. Ta ƙoda ma ita ta fi ba ni tsoro a nan. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, prostaglandin ɗin ne ke buɗe jijiyar da ke kai jini cikin matatar ƙoda. Ku duba Inna, maganin fitsari ya rage mata ruwa, kaptopril ya sassauta jijiyar fita daga matatar, ibuprofen ya zo ya matse ta shiga, to da wane ƙarfi za a tace? Ga zafin Maraɗi na watan huɗu sama da digiri 40, tsoho kuma ƙishirwa ba ta cika damunshi ba, ƙodar ma dama ta rage ƙarfi da shekaru. Gishiri da ruwa sai su taru, ƙafa ta kumbura tansiyo ya hau. Ku tattara kwalayen duka a leda ku nuna ma likita, za su auna yawan jini da kireyatinin da ke nuna aikin ƙoda.

Mai tambaya: Anti na gode, gamu muna neman adaidaita. Maganin tansiyon fa mu tsaida shi? Kuma gwiwar me za ta sha, ba ta iya ruku'u ma.

Infirmiye: Na tansiyo likita zai yanke in ya ga analis, sau da yawa ana dakatar da shi na ƴan kwanaki amma ba ni zan faɗa daga waya ba. Gwiwa kuma parasetamol ne, 500 ƙwaya ɗaya ko biyu, kar ya wuce giram 3 a wuni, da diklofenak na shafawa don kaɗan ne ke shiga jini, shi ma sai an ga halin ƙodar. Ku karanta kwali, akwai ƙwayoyin ciwon jiki da aka haɗa parasetamol da ibuprofen a ciki ɗaya.

Alhaji na Tibiri: Parasetamol wasan yara ne ga ciwon gwiwa, ni likita ya haɗa min ibuprofen da omeprazol kuma lafiya lau nike.

Infirmiye: Alhaji omeprazol tumbi yake karewa, ƙoda ba ruwanshi da ita. Naku ma ya kamata a riƙa auna ƙodar.

Alhaji na Tibiri: To ƴata, mu da gwiwa ta hana barci sai mu yi yaya?

Maman Biyu: Ku dai tahi, in an yi analis ɗin ka sanar da mu.