Sun ce takardata ba ta iso ba: in saka shugabansu a kwafi?

Salamu alaikum, 'yan uwa. Kamfanin da na ci bashinsa ya cire mini kuɗin wata ɗaya sau biyu. Na aika imel, na kuma kira ta waya, yanzu kuma sun ce ba su ga koke na ba. Shin in saka babban manajansu da hukumar da ke sa musu ido a kwafin wasiƙa ta gaba?

Tsohuwar akawu: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata tukuna, domin imel ɗin da ke akwatinka shaida ce cewa ka aika, ba shaida ba ce cewa sun karɓa. Ka rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya, ka faɗi ranakun da aka cire kuɗin, lambar kowace cirewa da abin da kake so a yi, sannan ka ba su wa'adi, misali kwana 14. Ka buga kwafi biyu ka kai da kanka, ka tsaya har mai karɓa ya buga hatimi a naka, ya rubuta sunansa da kwanan wata, ya sa hannu. Hatimin da babu kwanan wata rabin shaida ne, tunda daga wannan rana ake fara lissafin wa'adi. Bayanin asusunka kuwa hotonsa za ka haɗa, kada ka saki na asali ko da sun nema.

Wani ɗan kasuwa: Ni a ganina ya saka kowa da kowa tun yau, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya motsi sai ya ga sunan maigidansa.

Tsohuwar akawu: Yakan motsa, Alhaji, amma sau da yawa abin da zai yi shi ne ya miƙa fayil ɗin ga lauyoyinsu ya zare hannunsa. Hukumomin ma galibi abin da suke fara tambaya shi ne ko ka kai ƙara wurin kamfanin, da kuma ko wa'adinsa ya cika. Ranar da wa'adi ya wuce babu amsa, sai a saka manajan tare da kwafin mai hatimi. In shi ma ya yi shiru, sai hukuma.

Wata malama: Ni da kamfanin kai saƙo na aika tawa, rasit ɗin ya nuna an karɓa, amma suka ce ba takardar koke ce a cikin ambulan ba. Tun daga nan nake rubuta lambar wasiƙar a jikin takardar aikawa.

Ɗan kasuwan: Duk da haka, wata guda kuɗin mutum yana hannunsu, wa zai biya shi wannan jiran?