Gobe da safe zan rubuta kod, gabana sai faɗuwa yake

Rabi'atu: Salamu alaikum 'yan zaure. Gobe ƙarfe 8 nake da jarrabawar kod, wato ta dokokin tuƙi a hanya. A oto-ekol ina amsa tambayoyin mushe lafiya lau, amma da na tuna ɗakin jarrabawa sai hannuna ya kama rawa. Me zan yi?

Sani Kabu-kabu: Ƙanwata, ki kwana kan littafin, da asuba ki sha shayi mai kauri kofi uku. Kafin ki shiga ki yi ta jan numfashi da ƙarfi.

Malam Isufu: Sani, numfashin ka yi gaskiya, amma ba da ƙarfi ba. Wanda ya yi ta zuƙa da sauri jiri ke ɗibarsa, yatsunsa su yi zur-zur, sai ya zaci wani ciwo ne, tsoron ya ƙaru. Rabi'atu, ki zauna ki ɗora hannu a ciki. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga 4 har cikin ya taso, ki fitar ta baki a hankali kina ƙirga 6, kamar mai hura kunu. Fitarwar ce ke lafar da bugun zuciya, shi ya sa ta fi tsawo. Sau 10 ya isa, bai kai minti 2 ba. Ki gwada yau bayan isha'i, kada gobe ya zama karon farko.

Hajiya Mariyama: Ɗiyata, rabu da shayin nan. Ƙarfinsa na daɗewa a jiki, bayan awa 5 ma kusan rabinsa na nan. Ni da na sha na dare, idona biyu har kiran assalatu, da safe na kasa bambanta panno mai kusurwa uku na gargaɗi da mai da'ira na hani. Ki rufe littafi ƙarfe 9, ki karya da kokonki da ƙosai yadda kika saba.

Abdu: Ni dai ki lura da ambiriyaji, nan mota ke mace wa mutane.

Rabi'atu: Yaya Abdu, kod ne, tuƙi sai daga baya. To Malam, in barcin ya ƙi zuwa fa?

Malam Isufu: Ki kwanta kawai, ki daina duba agogo. Dare ɗaya ba ya goge karatun wata guda. A ɗakin kuma, in hoton mararraba ya rikita ki, kada ki ce "na faɗi". Ki fitar da numfashi sau ɗaya, ki tambayi kanki: akwai ɗan sanda, fitila ko panno? In babu ko ɗaya, na dama ke fara wucewa. Tambayar da ta wuce kuwa ki bar ta can.

Sani Kabu-kabu: Ni fa da shayina na ci tawa. Daga wace unguwa za ki taso?

Rabi'atu: Zariya. Ka zo bakwai saura kwata, kati dantite na cikin jaka tun yanzu.