Launi uku na nema, bakwai suka fito: mu haɗa abin da kowa ya gwada

Mai Alli: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga aikin da nake so mu sa a gaba: zanen keke jingine da bango, kusa da ƙofa, da launi uku kacal. Bango shuɗi mai ratsin kore, ƙofa ruwan madara, keke ruwan goro. Umarnin farko da kusan kowa zai rubuta wa manhajar AI mai zana hoto daga rubutu shi ne wannan:

```
bicycle against a wall, door, teal, cream, orange, limited palette
```

Abin da ke fitowa kuwa, bango ya rabu gida biyu, rabi shuɗi rabi ruwan goro, keken ya koma baƙi, ga ciyawa kore shar a gindin bangon da ba wanda ya nema, ga sararin sama a can sama. Wanda ya shawo kan wannan ya faɗa mana me ya canza, kalma da kalma.

Gwanin Tawada: Wa alaikumus salam. Malam, laifin farko jera launukan ne a ƙarshe kamar kayan shanya. Manhajar ta ga sunaye uku ba ta san na wane ne ba, sai ta raba su yadda ta ga dama. Kowane launi a ɗaure shi da abinsa, kalmar launin ta manne da sunan abin, kuma wanda ake so ya mamaye hoton a fara da shi, don kalmomin farko sun fi jan hankalin yawancin manhajojin.

Laifi na biyu shi ne rashin faɗin irin zanen. Idan ba ka faɗa ba, za ta karkata ga hoto irin na kyamara, shi kuwa hoton kyamara dole ya zo da sama, inuwa, ƙasa, ganye, kowanne da launinsa. Amma idan ka ambaci wata hanyar bugawa da dama can tawada kaɗan ake yin ta da ita, sai launukan su ragu da kansu, domin hotunan da manhajar ta koya ƙarƙashin wannan suna masu ƙarancin launi ne. Gwada haka:

```
three-color screen print, flat shapes, deep teal wall
filling the background, cream door, small burnt orange bicycle
```

Kalmar `small` da `filling the background` su ne ke raba fili. Masu ƙawata ɗaki suna da tsohuwar ƙa'idar 60, 30, 10: babban launi kashi 60, mataimaki kashi 30, na ado kashi 10. Ƙa'idar tana aiki a nan, sai dai da siffanta girman abu ake cim mata, don rubuta alkaluman a umarni ba kasafai yake motsa komai ba.

Ɗan Koyo: Ni a ganina duk wannan wahala ce. A sa lambar launin kawai mana, `#008080` ta shuɗi-kore da `#CC5500` ta ruwan goro, ai lamba ba ta ƙarya. Suna kuma kowa da yadda ya fahimce shi.

Gwanin Tawada: Ka yi gaskiya a rabi, ɗan'uwa. Lamba ba ta ƙarya a manhajar gyaran hoto. A manhajojin da ke karanta umarni da CLIP, wato sashen da ke fassara musu rubutu, irin su Stable Diffusion 1.5 da SDXL, daddatsa lambar ake yi gutsu-gutsu, kowane gutsure ba shi da alaƙa da launin, ga shi kuma tana cinye maka gurbi a cikin gutsattsari 77 da CLIP ke ɗauka a zama ɗaya. Wasu sababbin manhajoji suna kusantar lambar sosai, wannan ban musa ba. Shi ya sa na fi son a rubuta suna sannan lamba a gefensa. In ta fahimci lambar an ci riba, in ba ta fahimta ba sunan ya riƙe aikin.

Uwar Zayyana: Ɗan Koyo, lambobin nan biyu da ka kawo su ne ma suka fi damuna, kuma a kansu nake so in tsaya, don nan ne yawancin hotuna masu launi kaɗan ke mutuwa ba a san dalili ba.

Shuɗi-kore da ruwan goro kusan kishiyoyi ne a da'irar launuka, saboda haka mutane na ɗauka cewa za su fito da juna. A ido launinsu ya bambanta ƙwarai. Amma a nauyin haske kusan ɗaya suke. Sa su a ma'aunin bambancin haske na WCAG, ƙa'idojin sauƙaƙa karanta shafukan intanet, wanda ke tafiya daga 1 zuwa 21, za ka samu kamar 1.1 ne kawai tsakaninsu. Ma'ana idan aka zare launin aka mai da hoton fari da baƙi, keken zai narke cikin bango, duka su zama ruwan toka iri ɗaya. A hoto mai launi kuma alamar ita ce gefen keken yana rawa a ido, kamar yana kyalli, kuma da an ƙanƙanta hoton a waya ƙarafunan keken sun ɓace.

Maganin shi ne kowane launi ya sami matakinsa na haske: ɗaya mai duhu, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya mai haske. Idan bango ya sauka zuwa wajen `#0B3C49`, tazararsa da ruwan goron nan ta tashi zuwa kusan 2.8. Ruwan madara irin `#F5EBD7` a kan wannan bangon ya kai 10, a kan ruwan goron kuma wajen 3.6. Ka ga yanzu kowanne ya tsaya da ƙafarsa. A umarni, kalmomin `very dark`, `deep`, `pale` su ne ke yin wannan aikin, kuma sun fi `high contrast` amfani nesa ba kusa ba, domin ita `high contrast` tana yawan jawo baƙi wuluk da fari fat, ka ga launi biyu ke nan da ba sa cikin lissafi.

Gwajin ba ya cin minti ɗaya: buɗe hoton, sa masa matatar fari da baƙi, ka kanne ido. In ka ga matakai uku a rarrabe, aiki ya yi. Idan za a ɗora rubutu a kai, a tuna WCAG na neman 4.5 ga ƙaramin rubutu, 3 ga babba, don haka rubutun ruwan madara zai zama, a kan bango. Ruwan goro bai kai ba.

Baban Fosta: Ni dai abin da na sani, duk yadda ka gyara a allo, in aka je bugawa ruwan goro dusashewa yake, shuɗin kuma ya yi duhu. A mai da fayil ɗin CMYK tun da wuri.

Mai Alli: Gaskiya ne Baba, amma wannan matakin gaba ne. Mu har yanzu muna fama da abin da ke fitowa a allon. Hajiya Uwar Zayyana, na bi naki da na Gwani, bango da keke sun zauna. Saura ciyawa. Na rubuta `no green, no grass` a cikin umarnin, sai ma ta ƙaru.

Gwanin Tawada: Dole ta ƙaru, ka ambace ta sau biyu. Tsofaffin manhajojin ba sa riƙe kalmar korewa da kyau, sunan abin suke ji. Abin da ba a so yana da gurbinsa daban: akwatin `Negative prompt` a Stable Diffusion, ko `--no grass, sky` a Midjourney.

Sai dai a nan ma akwai tarko. Kada ka sa `green` a wannan gurbin. Launin bangonka rabinsa kore ne, da ka kori kore sai ya zame ya koma shuɗi zalla. Haka `red` ko `yellow` za su ci ruwan goron. Ka kori abin, wato ciyawa, sama, bishiya, ka bar launin. Mafi inganci ma ka cike gurbin da kanka: ka ce ƙasan ruwan madara ce, `cream pavement`, sai ciyawa ta rasa inda za ta tsiro.

Uwar Zayyana: A ƙara da sunayen launi masu fuska biyu. `orange` shi kaɗai yakan ajiye lemo a kwandon keke. `salmon` kifi ne, `rose` fure, `olive` zaitun, `lavender` ma fure. Sunayen fenti na masu zane sun fi aminci, irin su `burnt sienna`, `yellow ochre`, `ultramarine`, don ba su da wata ma'ana sai launi. Shi kansa `cream` in ya tsaya shi kaɗai yana iya rikicewa, gara `cream-colored door`.

Haske kuma launi ne na huɗu a ɓoye. Wanda ya sa `golden hour` ko `neon` ya shafe duk ukun da launi ɗaya, ruwan madaran ya koma rawaya. A zane mai shimfiɗaɗɗen launi a bar maganar haske gaba ɗaya, ko a ce inuwa ta kasance bangon ne da ya ƙara duhu.

Ɗan Koyo: To ni matsalata daban ce, Anti. Launukan sun zauna inda na ce, amma ruwan goron yana malala, hannun ƙofa da tayoyi duk sun ɗauka. Na ƙara masa nauyi `(burnt orange bicycle:1.5)` don ya tsaya kan keken, sai ya ƙara bazuwa.

Gwanin Tawada: Nauyi ƙara ƙarfin kalma yake a hoton duka, ba ya tsare ta wuri guda. Sauke shi zuwa 1.1 ko ka cire, ka ba bangon nauyin a maimakonsa. A AUTOMATIC1111, manhajar sarrafa Stable Diffusion, za ka iya sa `BREAK` tsakanin maganar bango da ta keke, yana rage malalar, bai cika kashe ta ba. Duba `CFG Scale` ɗinka ma, wato ma'aunin yadda manhajar ke manne wa umarni. In ya haura 10 launuka kan ƙone su yi kauri, wajen 5 zuwa 7 ya fi taushi a SDXL. A Midjourney kuwa `--stylize` yana farawa a 100 ne, duk yadda ka ɗaga shi manhajar na ƙara nata son rai a launi, sauke shi ka gani. Kuma don Allah ka kulle `seed`, lambar da hoton ke farawa daga gare ta, kafin gwaji, ka canza abu ɗaya a kowane zagaye, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin wace kalma ce ta yi aikin ba.

Baban Fosta: Duk da haka launi uku cif ba za su fito daga umarni ba. Ɗora ma'aunin launi a wurare biyar na bangon, lamba biyar za ka samu. In aikin na buƙatar uku tak, a yi ƙaramin hoto mai ɗauke da launukan uku, a sa masa suna `launuka.png`, a tilasta su da manhajar ImageMagick:

```
magick keke.png -dither None -remap launuka.png sabo.png
```

Gefuna za su yi zarto, don launukan tsaka-tsakin da ke sulɓe su sun tafi. A yi shi a kan hoto mai girma ninki biyu ko huɗu. In na allo ne a rage girman daga baya, gefen zai yi laushi amma 'yan launukan tsakiya za su dawo a bakin layi.

Uwar Zayyana: Wannan karon ka zo daidai kan gaɓa, Baba. Sai dai tilastawar tana kai kowane ɗigo ga launin da ya fi kusa da shi ne, don haka inuwar keken, wadda ruwan ƙasa ce mai duhu, tana iya faɗawa launin bango, ƙarfen keken ya yanke a tsakiya. Ni na fi yarda a bar na huɗu, ruwan goro mai duhu, don inuwa kawai.

Gwanin Tawada: A nan mun rabu, Hajiya. Da an buɗe wa na huɗu hanya, ƙofar ma za ta nemi tata inuwar. Gara a hana inuwa tun daga umarni da `flat shapes, solid fills`, a gyara yankewar da hannu.

Mai Alli: Zan gwada duka biyun a `seed` ɗaya, hoto huɗu-huɗu, in kawo su tare da na fari da baƙinsu. Wanda ke da manhajar da ke karanta lambar launi ya gwada `#0B3C49` a bangon, ya auna wurare biyar ya kawo mana lambobin da ya samu.