Saurin intanet ɗina ya kai, amma wasan da nake yi ta waya yana jinkirin amsawa

Assalamu alaikum. Mako biyu ke nan ina fama da wasan tseren mota a wayata, irin wanda kwamfutar kamfani ke gudanarwa daga nesa, tana aiko mini da hotonsa kai tsaye ta intanet. Kamfanin ya ce ana buƙatar 15 Mbps domin hoton 720p, da jinkirin da bai kai 80 ms ba zuwa cibiyarsu.

Ina Kano, kuma gwajin da nake yi a kan 4G yana nuna mini 30 zuwa 40 Mbps, wato sauri ba shi ne matsalar ba. Hoton yana fitowa tangaran, amma idan na karkata sitiyari, sai motar ta riga ta daki shinge kafin ta juya. Bayan sallar isha'i kuwa sai hoton ya riƙa daskarewa, sauti yana yankewa.

Na rage hoton zuwa 720p, na rufe sauran manhajoji, na koma Wi-Fi na 5 GHz ina zaune dab da na'urar Wi-Fi ɗin, duk ba ta canja zani ba. Daga baya na lura cewa jinkirin 40 ms da nake gani a gwajin, zuwa Legas ake auna shi. Da na zaɓi Frankfurt, tunda cibiyar wasan a Turai take, sai ya haura 140 ms.

Shin idan na sa aka jawo mini intanet na wayar faiba zuwa gida, jinkirin zai iya sauka ƙasa da 80 ms, ko kuwa nisan da ke tsakanin Kano da Turai ba zai bari ba? Na gode.